Yadda Ake Sauke Zanen Ado a Kan Baƙin Yadi

Kafin allura ta fara aiki a wuyan riga ko gaban abaya, sai an sauke zanen adon a jikin yadin, domin shi ne hanyar da zare zai bi. A kan farin yadi wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Ana shimfiɗa yadin a kan takardar zanen, a ɗaga su jikin gilashin taga inda rana take haskowa, layukan su bayyana ta ciki, a bi su da fensir. Gwanayen masu zanen manyan riguna na Zariya da Kano ma ba sa bin ta nan, da alƙalami da tawada suke zana aska biyu ko aska takwas kai tsaye daga ka. Amma da zarar yadin ya zama baƙi, ko shuɗi mai duhu irin wanda yake fitowa daga karofin Ƙofar Mata, ko kore shar, ko ruwan makuba, sai dabarar taga ta mutu ta fuska biyu. Haske ba ya ratsa yadin balle a hango zanen da ke ƙarƙashinsa. In ma an hango, bakin fensir toka-toka ne mai ɗan ƙyalli, a kan duhu ba a ganinsa sai an karkata yadin, kuma da hannu ya goga sau biyu ya tafi.

Maganin matsala ta farko shi ne a daina neman zanen daga ƙasa, a kawo shi daga sama. Maganin ta biyu kuwa a yi layin da abu mai haske. To amma akwai matsala ta uku wadda ba a cika lura da ita ba sai aiki ya ƙare, wato yadda farin layin zai fita. Baƙin fensir da ya leƙo gefen zare a kan farar riga, ido yakan yafe masa. Farin layi a kan baƙin yadi daga nesa ake hango shi. Don haka kowace dabara ana auna ta da abu biyu: ko layin zai jure har a gama ɗinkin, wanda a aikin hannu yakan kai makonni, da kuma ko zai ɓace ko ya ɓuya bayan an gama.

Hanya mafi sauƙi ita ce a shafa alli sosai a bayan takardar zanen, a kifa ta a kan yadin, a bi layukan da bakin biron da tawadarsa ta ƙare. Allin da ke baya sai ya manne a inda aka danna. Ga ƙaramin fure a aljihu, wanda za a ɗinke a zama ɗaya, wannan ya wadatar. Akwai kuma takardar kabon ta teloli, fara ko rawaya, wadda ake sakawa tsakanin zanen da yadin, fuskarta mai launi tana kallon yadin. Layinta ya fi na alli fitowa, sai dai tana da sharaɗi. Dole a yi aikin a kan abu mai tauri, kamar tebur ko allo, don a kan katifa ko tabarma biron zai huda takardar ne kawai. Sannan da yawa daga cikin irin wannan takarda akwai kakin zuma ko makamancinsa a jikinta, in dutsen guga ya hau layin kafin a fitar da shi sai ya narke ya shige zaren yadin ya zauna. Duk inda tafin hannu ya danne ma yakan bar tabo. Kabon ɗin ofis da ake rubuta rasit da shi bai shigo wannan magana ba sam, launinsa duhu ne, kuma tabonsa ba ya jin wanki.

Ga zane mai yawan lanƙwasa da ƙananan ganye da layukan da suke haurawa kan juna, dabarar da ta fi amsawa ita ce ta huji da gari. A taƙaice, ana huda takardar zanen da allura a kan kowane layi, a ɗora ta a kan yadin, a shafa farin gari ya zuba ta hujin, a ɗage takardar, sai a haɗa ɗige-ɗigen da suka bayyana da siririn layi mai ɗorewa. Tsohuwar dabara ce. Masu zanen bango na Italiya a ƙarni na 15 da na 16 da ita suke ɗora manyan zane-zanensu a kan danyen shafe, suna amfani da garin gawayi. Makarantar ɗinkin ado ta masarautar Ingila, wadda aka kafa a 1872, har yau tana koyar da ita, kuma farin garin da aka saba da shi a can daga ƙashin wani kifin teku ake niƙa shi. Masu ɗinkin zaren zinari na Indiya su ma da hudajjiyar takarda suke aiki, sai dai su sukan kwaɓa garin allin da kananzir. Kayan aikin duka ana samunsu a kowace unguwa: takarda, allura, alli, tsumma, da tsohon bargo.

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauka za a yi aikin wuya a kan kaftani na shadda shuɗiya mai duhu, zanen tsawonsa santimita 30, faɗinsa 12, da dagi a tsakiya da reshen ganye a kowane gefe. Matakin farko shi ne a kwafe zanen a kan takarda mai shara-shara amma mai ƙwari, irin wadda masu zanen gini suke amfani da ita. Takardar jarida ba ta yi ba, tana yagewa tsakanin huji da huji, tawadarta kuma tana bin hannu. A bar gefe kamar santimita 5 a kowane ɓangare, saboda garin da zai fantsama ya tsaya a kan takarda kada ya sauka a yadi. A ja layi ɗaya a tsaye ta tsakiyar zanen, a ja wani a kwance, su kai har bakin takardar. Waɗannan layuka biyu su ne za a daidaita da yadin daga baya. A rubuta alama a kusurwa ɗaya don a san fuska da baya, domin bayan an yi huji an shafa gari, fuskokin biyu kama suke yi da juna.

Sai huda. A ninka tsohon bargo ko tawul gida biyu ko uku a ɗora takardar a kai. Allurar ɗinkin hannu matsakaiciya ta isa. Basilla ta yi kauri, hujinta yana zubar da gari da yawa, ɗigon ya zama ƙwallo. Riƙe tsurar allura na minti ashirin yana gajiyar da yatsu, shi ya sa ake cusa gindinta cikin toshiyar kwalba ko guntun karan dawa, ta zama kamar alƙalami. Ana riƙe ta a tsaye cak, ba a karkace ba, don huji ya fita a zagaye. A miƙaƙƙen layi ana barin milimita 2 zuwa 3 tsakanin huji da huji. A lanƙwasa mai tsanani da bakin ganye ana matso su zuwa kamar milimita 1, kuma lallai a sa huji ɗaya daidai kan kowane tsini da kowace mahaɗar layi, in ba haka ba ganye mai tsini zai fito da dunƙulallen baki. In hujin ya matsu fiye da haka takardar za ta tsage a kan layin, kamar yadda ake yage rasit daga littafinsa.

Zane irin wannan, in aka miƙe layukansa duka, zai iya kai mita 2. A tazarar milimita 2, huji dubu ɗaya ke nan. Ba aikin gaggawa ba ne, amma takardar da aka huda sau ɗaya za ta yi riguna da dama, wanda shi ne babban amfaninta ga mai ɗinkin anko ko kayan 'yan makaranta. Ana iya rage aikin da rabi idan dama da hagun zanen iri ɗaya ne: a ninka takardar a kan layin tsakiya, a huda gida biyun a lokaci guda. Wannan yana kuma tabbatar da cewa ɓangarorin biyu sun yi daidai ƙwarai, abin da hannu kaɗai ba ya iya yi. Sai dai dagi yana da tarko a nan. Kyansa shi ne kowane zare ya hau ɗaya, ya shige ƙarƙashin na gaba, ya sake hawa, haka har ya zagayo. Ninki yana juya wannan tsari, inda ya kamata layi ya shige ƙasa a hagu sai ya fito a sama kamar takwaransa na dama, saƙar ta karye a tsakiya. Abin yi shi ne a huda dukkan layukan dagin su ratsa juna ba tare da nuna na sama da na ƙasa ba, sai an zo jan layi a kan yadi a bi zare ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ana raba hawa da shiga.

Idan an gama a ɗaga takardar a rana. Duk layin da aka tsallake nan take zai nuna kansa, don ba haske a wurin. Sannan a shafa bayanta da yatsa. Za a ji kaushi, domin allura tana tura ɗan leɓen takarda ta inda ta fita. In wannan leɓe ya kwanta a kan yadin, yakan ɗaga takardar kaɗan har gari ya bazu a ƙarƙashi, ko ya lanƙwashe ya toshe hujin. Ana shafe shi a hankali da samfefa mai laushi, ko kuma tun farko a yi hujin ta bayan takardar, tunda ana ganin layin ta ciki, yadda santsin zai kasance a ɓangaren da zai taɓa yadi.

Garin kuwa, allin makaranta da aka daka lukui aka tankaɗe ta cikin siririn ƙyalle ya isa. Garin sitaci ma yana yi. Hodar shafawa mai ƙamshi gara a bar ta, wasu akwai maiƙo a ciki, kuma santsinta ya yi yawa, ba ta zama inda ta sauka. Ga yadin da duhunsa matsakaici ne, kamar ruwan toka ko ruwan ƙasa, farin zalla wani lokaci ba ya fita sosai, baƙi ma haka, sai a gwada duka biyun a ga wanda ido ya fi kamawa. Abin shafawa shi ne guntun bargo mai faɗin yatsu uku, a naɗe shi tam kamar tabarma, a ɗaure da zare, a yi amfani da bakinsa. Wasu sukan ƙulle garin cikin tsumma su riƙa bubbugawa a kan takardar. Wannan yana aiki, amma yana zubar da gari fiye da kima, kuma bugun yana motsa takardar.

Shirya yadin shi ne inda aka fi yin sakaci. A goge shi tukuna, domin bayan an sauke zane ba a so dutsen guga ya kusance shi. A shimfiɗa shi a kan tebur, fuska a sama, a daidaita shi yadda zaren tsaye zai tafi a miƙe, kada a ja shi ta kusurwa. Tsakiyar wuyan a nuna ta da dogon ɗinki na farin zare, taki mai faɗi wanda za a zare daga baya, a yi wani a kwance a inda zanen zai fara. Sai a ɗora takardar, layukanta biyu su hau kan zaren biyu. Zanen da ya karkace da rabin santimita a sama, kafin ya kai ƙasa kowa zai gani, musamman a shadda wadda furannin saƙarta suke jere a layi suna tona asiri. A danne takardar da abu mai nauyi a kusurwa huɗu, ko a kafe ta da fil a wurin da ɗinki zai rufe. Salatif a kan shadda yana barin danƙo. A kashe fanka, a rufe taga in lokacin hunturu ne. Da damina kuma a tabbatar garin a bushe yake, don in ya sha raɓa dunƙulewa yake yi ya toshe huji.

A dangwala bakin naɗin a gari, a karkaɗe shi a gefen kwano har ya zama kamar babu komai a jiki, sannan a shafa a kan layukan ana ɗan jujjuyawa, daga tsakiya zuwa waje, ɗaya hannun yana danne da takardar. Kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake yi shi ne yawan gari. Yana ganin kamar bai isa ba sai ya ƙara, in ya ɗaga takarda ya tarar da farin hazo maimakon ɗige-ɗige. Kafin a ɗage duka, a ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa, sauran ukun suna danne. In wani wuri bai fito ba a mayar a ƙara. In an riga an ɗage takardar gaba ɗaya, mayar da ita daidai kan ɗigon farko abu ne mai wuya, sakamakonsa layi biyu ne kusa da juna. Ɗagewar ma a yi ta sama tsaye da hannu biyu, kada a ja ta gefe.

Abin da ya bayyana a kan yadin yana faɗin inda aka yi kuskure. Ɗigo mai jela kamar waƙafi, takardar ta motsa. Ɗigo manya masu haɗewa da juna, gari ya yi yawa ko allurar ta yi kauri. Wuri fayau babu komai alhali an shafa, hujin ya toshe, sai a sake bin sa da allura. Daɗin wannan mataki shi ne babu abin da ya ɓaci tukuna. A ɗaga yadin a karkaɗe, a bi da buroshi mai laushi, a sake daga farko.

Ɗigon gari ba ya jure ko numfashi mai ƙarfi, saboda haka dole a mayar da shi layi nan take, yadin yana nan inda yake. A nan ne ake zaɓen abin da zai zauna a jikin rigar, kuma a nan ne ya kamata a yi tunanin fitarsa. Abin da ya fi ba da siririn layi shi ne farin fentin ruwa irin na 'yan makaranta masu zane, a dama shi ya yi kaurin madara, a ja shi da buroshi mafi siriri da za a samu. Wanda ba shi da fenti yana iya jiƙa ɗan ƙaro a ruwa, ya tace, ya zuba garin alli a ciki. Ƙaron shi ne yake riƙe allin, kamar yadda yake riƙe tawadar allo. In ya yi yawa layin yakan yi tauri ya riƙa karcewa a bakin allura, in ya yi kaɗan layin ya koma gari bayan ya bushe. Ana gane daidai ta hanyar jan layi a kan guntun yadin, a bar shi ya bushe, a goga da yatsa: ya kamata ya dushe kaɗan amma kada ya tafi. In kwaɓin ya yi ruwa, za a ga layin yana yin gashi, yana bin zaren yadin hagu da dama. Farin fensirin teloli da aka fiƙe sosai ya fi sauƙin sarrafawa ga wanda bai saba da buroshi ba, ko da yake layinsa ya fi kauri kuma sai an riƙa sabunta shi. Farin ruwan goge kuskuren rubutu da fentin gini ba sa fita har abada.

Ana fara jan layin daga gefen da ya fi kusa da mai aikin, ana tafiya gaba, an rufe inda aka gama da takarda in ya bushe, yadda hannu ba zai share ɗigon da ba a kai gare su ba. Wasu sun fi son farawa daga ƙasan zanen saboda wannan dalili. Buroshin yana kwasar gari yayin da yake tafiya, sai a riƙa wanke bakinsa bayan kowane ɗan layi. Ka'ida mafi muhimmanci ita ce layin ya fi zaren da zai rufe shi siranta. Inda za a cike ganye da zare, a ja layin ta cikin ɗigon kaɗan, domin in an zo ɗinki allura ta riƙa sauka a wajensa, ta binne shi. Duk layin da ba a tabbatar za a ɗinke shi ba, kada a ja shi. Bayan ya bushe sarai, a ɗaga yadin a riƙa ɗan bugun bayansa da yatsa, ragowar garin ya zube. Gogewa da tsumma tana cusa garin cikin saƙar yadin ne, ya bar farin gizo a kewayen zanen.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne yawancin yadduka masu duhu da ake yi wa ado ba a so su ga ruwa kafin mai su ya sa. Sabuwar shadda ƙyallinta da ƙarfinta suna raguwa daga wankin farko, mai riga kuwa da ƙyallin ya saya. Yadin da aka rina da baba aka kai shi bugu, irin aikin da garin Kura ya yi suna a kai, shunin yana kwance ne a fuskarsa, ɗigon ruwa ɗaya yana barin tabo, wanki kuma zai sa shuɗin ya bi farin zaren adon ya ɓata shi. A irin waɗannan, ko fentin ruwan ma sai an gwada a gefe tukuna, kuma a ɗauka cewa duk abin da aka zana zama zai yi, sai dai zare ya rufe shi. Wannan ne ma ya sa ledar nan ta zamani mai narkewa a ruwa, wadda ake zana ado a kanta a manna a yadi a ɗinke ta ciki, ba ta dace da su ba, duk da sauƙinta. Ba ta fita sai an jiƙa rigar sosai, kuma gumin hannu yana sa ta yin danƙo tun ana cikin aiki. Ga baƙin yadin auduga da za a wanke ko ta yaya, ba ta da laifi.

Dabarar Indiyawa ta kwaɓa alli da kananzir tana tsallake matakin jan layi. Ana dangwala tsumma a kwaɓin a shafa a kan hudajjiyar takardar, kananzir ya ratsa da allin ta hujin, ya bushe ya bar ɗigon a manne. Tana da sauri ƙwarai ga mai riguna da yawa. Amma warin yana daɗewa, wasu yadduka suna riƙe da'irar maiƙo a kewayen zanen, ga kuma haɗarin wuta a shagon da ake guga da gawayi. Ba a yin ta a kan yadin mutane sai an gwada a ƙyalle an bar shi ya kwana.

Akwai yadin da gari ba ya yi masa amfani ko kaɗan. Karammiski, wanda ake yin alkyabba da kayan doki da shi, gashi gare shi, garin yana nutsewa a ciki, biro da kabon kuma suna kwantar da gashin su bar sawu. Haka yadin ulu mai kauri. A nan sai a koma ga zare. Ana kwafe zanen a kan takarda marar ƙwari, irin ta naɗe sabon takalmi, a kafe ta a kan yadin, a bi kowane layi da ɗinkin wucin gadi, ana haɗawa da takardar da yadin, taki kamar milimita 3 zuwa 5, a ƙanƙanta shi a lanƙwasa. Ƙullin farko da na ƙarshe a bar su a sama inda za a iya kama su. In an gama a ja bakin allura a kan layin ɗinkin don takardar ta tsage, a cire ta guntu-guntu, ana danne zaren da yatsa kada ya saki. Abin da zai rage shi ne zanen da farin zare, wanda ba ya gogewa ko aikin zai shekara, kuma ba ya barin tabo. Zaren ya zama fari ko rawaya mai haske, ja yakan zuba. Yayin ɗinkin adon ana zare na wucin gadin kaɗan-kaɗan kafin a iso wurin, domin in allura ta ratsa ta cikinsa ya maƙale ke nan, sai an bi shi da hantsaki. Aibinta jinkiri, kuma ba ta iya ɗaukar ƙananan abubuwa: ganyen da bai kai santimita ɗaya ba, taki uku ne kawai, siffarsa ba za ta fito ba. Ga shaddar da ake tsoron taɓawa da fenti, ana iya haɗa dabarun biyu, a yi manyan layuka da zare, ƙananan a zana su da farin fensir lokacin da aka iso kansu.

Allin tela iri biyu ne a kasuwa, kuma kamanninsu ɗaya. Akwai na ƙasa, mai barin gari a yatsa, wanda buroshi yake fitarwa. Akwai mai kaki, mai santsi kamar kyandir, wanda zafi yake narkarwa ya bar layin maiƙo a yadi mai ƙyalli. A kankare shi da farce: in ya zubo gari na farko ne, in ya nannaɗo kamar ɓawo na biyu ne. Guntun sabulun da ya sirance ya bushe, wanda teloli da yawa suke ajiyewa a aljihun keke, yana ba da layi mai kyau a baƙin yadi, amma shi ma ruwa ne yake fitar da shi. Biron da ake cewa tawadarsa tana ɓacewa da guga yakan bar farin sawu a kan duhu bayan launin ya tafi.

Duk dabarar da aka zaɓa, gwajin ƙyalle ba ya wuce minti goma. A yanki guntu daga yadin da za a yi aikin, ba wani mai kama da shi ba, a ja layi uku a kai da abin da za a yi amfani da shi. Na farko a goga shi da yatsa a ga juriyarsa, na biyu a bi shi da buroshi ko ɗanyen tsumma a ga fitarsa, na uku a ɗora masa dutsen guga a ga abin da zafi zai yi masa. In layi na uku ya zauna, to rigar ba za ta ga guga ba sai an tabbatar zare ya rufe kowane layi ko an fitar da shi.